Daga Kwano Zuwa Tayil Na Yumɓu: Yadda Ake Sāke Rufi Ba Tare Da Gidan Ya Sāke Kama Ba

Duk wanda ya taɓa yin azahar a cikin ɗakin kwano a Nguru ko Gashuwa a watan Afrilu ko Mayu, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da ke sa magidanci ya yi sha'awar rabuwa da kwano ba. A waɗannan watanni zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, kwanon kuwa ya ɗauki wuta har hannu ba ya iya daɗewa a kansa, ya riƙa sako zafin a kan mutanen ɗaki. Idan damina ta faɗi kuma ƙarar ruwa ta hana hira. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai gida ya ga hoton rufin tayil, watau fale-falen gasasshen yumɓu da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon kifi, ya ce shi ma irinsa yake so.

To, amma sau da yawa mai gidan yakan haɗa da sharaɗi. Yana son a sāke rufin, amma kada gidan ya sāke kama. Gangarar rufin ta tsaya yadda take, bakinsa da ya leƙo bisa bango kada ya ƙaru kada ya ragu, doronsa kuma, watau layin can ƙoli inda ɓangarorin biyu suka haɗu, ya zauna daidai inda idon mutanen unguwa ya saba ganinsa. Wannan sharaɗi a baki mai sauƙi ne. A wajen aiki kuwa shi ne ke rarrabe kafinta da mai buga ƙusa.

Sharaɗin ba son zuciya ba ne kawai. A cikin tsofaffin unguwanni gidaje a manne suke, bakin rufin wani yana zubar da ruwa a ɗan lungun da ke tsakaninsa da maƙwabci, in aka ƙara masa taƙi ɗaya sai ruwan ya koma gindin katangar wani, daga nan sai gaban mai unguwa. A jerin kantuna kuwa doro ɗaya ne ya ratsa su duka, wanda ya ɗaga nasa ya buɗe wa ruwa ƙofa a wurin mahaɗa. Har ila yau bakin rufi shi ne laimar bango. Garuruwan nan biyu suna kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana tsayawa daidai bisa kai wajen ƙarshen Afrilu, saboda haka a tsakiyar bazara ɗan bakin nan ya isa ya lulluɓe bangon kudu da na arewa da inuwa a lokacin da rana ta fi ƙuna.

ASALIN KAYAN BIYU

Kwano baƙo ne da ya zama ɗan gari. Wani injiniya mai suna Henry Palmer ya yi rajistar ƙirƙirarsa a London a 1829, ya kuwa bazu a duniya domin ba shi da nauyi, ana ɗaura shi a bandir a kai shi ko'ina. Nguru ta sami hanyar jirgin ƙasa daga Kano a 1930, ta zama ƙarshen layi, jirgin da ke kwashe gyaɗa da fatu da ƙaro shi ne ke dawowa da kayan kanti da na gini. Daga nan motoci ke ƙarasawa da su Gashuwa, hedkwatar ƙasar Bade, tafiyar wajen mil 40 gabas.

Gasasshen yumɓu kuwa ya girmi kwano a wannan ƙasa nesa ba kusa ba. A Birnin Ngazargamu, babban birnin Barno da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, wanda kufansa ke gabas da Gaidam, an yi gini da gasasshen tubali, haka ma a Gambaru kusa da shi. Birnin ya faɗi a 1808, amma har yanzu ana tsintar jan tubalinsa. Sai dai abin da magabata suka gasa na bango ne. Tayil ɗin rufi mai harɗe da juna, wanda kowane ɗaya ke da kwari da tudu a gefensa domin ya kama ɗan'uwansa, 'yan'uwan Gilardoni ne suka fito da shi a yankin Alsace na Faransa a 1841. Daga baya aka san irinsa da sunan birnin Marseille, kana a 1865 'yan mishan na Basel suka buɗe masana'antarsa a Mangalore ta ƙasar Indiya, ya yaɗu a ƙasashen zafi. Shi ake nufi a nan. Kada mai karatu ya haɗa shi da wanda ake sayarwa a manyan birane yanzu mai kamar tayil da aka yayyafa wa tsakuwa. Wancan ƙarfe ne aka yi wa ado, nauyinsa da halinsa na kwano ne.

TAMBAYA TA FARKO: GANGARA

Kafin a sayi ko tayil ɗaya, sai a auna gangara, gama a nan ne aikin gidaje da yawa ke ƙarewa tun ba a fara ba. Fallen kwano doguwa ce, mahaɗarta kaɗan, tana iya korar ruwa ko da gangarar ba ta wuce digiri 10 ba. Tayil kuwa gajere ne, kowane taku akwai mahaɗa, in rufin ya kwanta da yawa iska tana tura ruwa ya hau baya ya shige ta ƙarƙashin na sama. Galibin tayil mai harɗe yana son digiri 20 zuwa 25 ko fiye, wanda ba shi da harɗe kuwa sai wajen 35. Kowace masana'anta tana faɗin iyakar nata, lalle ne kuwa a tambaya.

Gidaje masu yawa a Nguru da Gashuwa an yi musu rufi kwantacce, an ɓoye shi a bayan bangon da aka ɗaga ya zarce shi, domin tsoron iskar farkon damina. Irin wannan rufi ba ya karɓar tayil muddin za a bar gangararsa yadda take. Mai shi yana da zaɓi biyu kurum, ko ya yarda a ɗaga doro gidan ya sāke kama, ko ya haƙura da tayil ya sa kuɗinsa a silin mai kyau da kafofin shan iska a ƙarƙashin kwanon. Kafintan da ya ce masa akwai hanya ta uku, kuɗinsa yake so.

Awon ba wuya. A ɗora lebur a kwance, a auna santimita 100 daga jikin rufin, a ga nawa rufin ya sauka a ƙarshensa. In ya sauka 18, digiri 10 ke nan. In 36 ne, digiri 20. In 50 ne, digiri 26 da rabi.

A ƊAUKI MISALI

A ƙaddara wani gini na bulo mai tsawon mita 12 da faɗin mita 6, watau kusan ƙafa 40 da ƙafa 20, mai rufi biyu-gangare. Daga saman bango zuwa doro ya tashi mita ɗaya da rabi, gangararsa ke nan digiri 26 da rabi, tayil zai zauna. Bakin rufin ya leƙo santimita 60 daga bango, a gefen kusurwa kuma 30. Daga doro zuwa baki in an bi gangara mita 4 ne da santimita 2, tsawon rufin kuwa mita 12 da santimita 60. Duka ɓangarorin biyu sun tashi murabba'in mita 101.

Kwano irin na kasuwa mai laushin nan bai fi kilo 3 a kowane murabba'in mita ba. Dukan rufin ke nan kilo 300, nauyin buhun siminti 6. Tayil mai tsawon santimita 42, wanda ke rufe faɗin 21, yakan kai kilo 3 kowane ɗaya, kuma wannan rufi zai ci 1,440, ban da wajen 40 na kifawa a doro. In an tara, nauyin ya kusa tan 4 da rabi, watau buhun siminti wajen 90. Mai gida ya tsaya ya dubi katakon da ke ɗauke da buhu 6 yau shekara talatin, ya tambayi kansa ko zai yarda ya kwana a ƙarƙashinsa in an jibga masa 90.

Amsar a fili take, tsohon katako ba zai yi ba. A ƙarƙashin kwano akan jera rafta ta tu-bai-fo da tazarar mita ɗaya da rabi, ginin misalin nan yana da jeri 9. Tayil yana son tazarar wajen santimita 60, jeri 21 ke nan, kuma da tu-bai-sikis. Bambancin katakan biyu ya fi yadda ido ke gani. Ƙarin inci biyu a tsaye yana sa katako ya ɗauki nauyi fiye da ninki biyu kafin ya karye, kuma ya fi wancan ƙin lanƙwasa fiye da sau uku. Sai dai a auna katakon a kasuwa da tef, domin abin da ake kira tu-bai-sikis sau da yawa bai cika ba, a kuma jiƙa shi da maganin gara tun yana ƙasa, a shafe duk bakin da zarto ya yanka.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba sai ya yi ɓarna. Rufi biyu-gangare ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bangon dama da na hagu waje, kamar mutumin da ya tsaya a kan santsi ƙafafunsa suna buɗewa. A wannan gangara turin ya kai wajen rabin nauyin da ke sama, watau kusan tan 2 a kan kowane dogon bango. Abin da ke hana shi aiki shi ne katakon da ke ɗaure gindin rafta biyu daga bango zuwa bango. A zamanin kwano ƙusa uku sun riƙe wannan mahaɗa. A ƙarƙashin tayil sai da ƙusa mai noti, wadda ta ratsa katakan biyu aka ɗaure ta da wasa.

Wani zai yi tsammanin bangon ƙasa ne zai fara gazawa. Ba lalle ba ne. Katangar tubali mai kauri ta saba ɗaukar azara da jibgin ƙasa, waɗanda suka fi tayil nauyi. Abin da ba ta jurewa shi ne turi daga gefe, da nauyin da ya taru a wuri ɗaya, don haka sai an shimfiɗa mata faffaɗan katako a kai domin ya raba nauyin. Wanda ya fi ban tsoro shi ne bulo inci shida da aka buga da rowar siminti, wanda ake iya marmashewa da yatsa. Irin wannan gini, da duk wanda ya riga ya tsage, kada a taɓa shi sai injiniya ya duba bango da harsashi.

KAFIN A CIRE ƘUSA TA FARKO

Da zarar an yaye kwano, shaidar tsohon rufin ta tafi. Saboda haka awo ke gaba da guduma. Akan ɗauki siririn tiyo mai haske a cika shi da ruwa, a bi bangon waje da shi ana yin alama, har a sami layi ɗaya madaidaici da ya kewaye ginin, misali mita ɗaya bisa daɓe. Daga wannan layi ake auna kome: tsayin bakin kwano a kusurwoyi huɗu, da tsayin doro a ƙarshensa biyu, da nisan baki daga bango. A rubuta a takarda, a kuma ɗauki hoto daga nesa ta kowace fuska.

Sa'an nan a kafa dogayen sanduna shida a wajen ginin, huɗu daura da kusurwoyin baki, biyu daura da ƙarshen doro, a tokare su yadda ba za su motsa ba, a buga ƙusa a kowace daidai tsayin da aka auna. Igiyar da za a ja tsakanin ƙusoshin nan ita ce tsohon rufin, ita za ta tsaya a madadinsa har a gama.

A nan kafinta yakan gamu da wata 'yar matsala. In aka ja igiya daga ƙarshen doro zuwa ƙarshe, sau da yawa sai a ga tsakiyar tsohon doron ta lotsa da yatsa biyu ko uku. Ba wannan lotsawa za a kwaikwaya ba. Layin gaskiya shi ne na ƙarshen biyu, inda rufin ke zaune a kan bangon kusurwa, gama nan ne bai motsa ba tun ranar da aka gina shi. Don haka ma ba a rushe waɗannan bangaye masu tsini, sai dai a rage musu kai gwargwadon bukata.

SANTIMITA 13 DA SUKA ƁUYA

Ga inda yawancin aiki ke karkacewa. Kafinta ya ɗora sababbin rafta a inda tsofaffin suka zauna, ya bi gangarar daidai, ya jera tayil, sai a sauko a ga gidan ya ƙara tsawo kamar wanda ya sa hula bisa hula. Dalili kuwa kauri ne. A tsohon rufi, rafta santimita 10 ce, katakon gicciye 5, tudun kwano 2, jimla 17. A sabo, rafta 15 ce, a kanta akwai shimfiɗa da siririyar sanda mai bin gangara ta 2 da rabi, sai sandar gicciye ta tu-bai-tu mai 5, sai tayil da harɗensa wajen 6, jimla 28 da rabi. Bambanci 11 da rabi ne in an auna ta jikin rufin, amma da yake rufin a karkace yake, in aka auna a tsaye sai ya zama kusan 13.

Tun da fuskar rufin ba za ta hau ba, dole abin da ke ƙarƙashinta ya sauka. Wasu sukan nemi gajeriyar hanya su zurfafa yankan da ake yi wa rafta inda take zama a kan katakon bango. Ƙa'idar kafintoci ita ce kada yankan nan ya wuce sulusin katakon. Wanda ya zarce haka ya sayi tu-bai-sikis ya mai da shi tu-bai-fo a daidai wurin da nauyi ya fi taruwa.

Hanyar kirki ita ce a rage bango. Jerin bulo ɗaya da simintinsa wajen santimita 25 ne. In ginin yana da linta da ta kewaye shi duka, sai a cire jeri ɗaya na sama, a zuba kankare mai rodi na santimita 12 a madadinsa, saman bango ya sauka 13 ke nan cif. A cikin wannan zubi ake dasa ƙusoshi masu noti da za su riƙe katakon bango, a kuma ɗaure shi da lintar ƙasa. In babu linta mai kewayewa, sai a cire jeri biyu a zuba cikakkiya, a cike ragowar.

Wannan yana da farashinsa, ya kamata kuwa mai gida ya ji shi tun da wuri. Silin da ke manne da katakon ɗaurin gindi zai sauka da santimita 13, ɗakin da ke da mita 3 ya koma 2 da 87. A ƙasar zafi wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Wanda bai yarda da ita ba sai ya koma ga rafta ta ƙarfe, wadda ke ɗaukar nauyin da kauri kaɗan, gara kuma ba ta cinta, amma girman ƙarfen da waldarsa aikin lissafin injiniya ne. In tsohon silin na asbesto ne, a jiƙa shi a sauke shi lafiyayye, kada a fasa ko a yanka, ƙurarsa tana lahanta huhu.

Daga waje ma kaurin zai so ya nuna kansa a baki, allon da ke rufe ƙarshen rafta ya yi faɗi fiye da na da. Maganinsa a fiƙe wutsiyar kowace rafta ta ƙasa, daga bango zuwa waje, ta koma kusan kaurin tsohuwar. Wutsiyar ba ta ɗauke da nauyi mai yawa, za ta jure.

RABON LAYUKA

Kwano ana yanka shi ya dace da rufi. Tayil kuwa rufi ake rabawa ya dace da shi, kuma tun da baki da doro an riga an ɗaure su da igiya, abin da ya rage a yi wasa da shi shi ne tazarar sandunan gicciye. Ba a dogara da abin da aka rubuta a takarda kaɗai, gama yumɓu yana ƙanƙancewa a wuta, gashin yau ba ya zama daidai da na jiya. Sai a ɗebo tayil 11 daga wurare dabam-dabam a cikin lodin, a jera su a ƙasa a harɗe, a matse su a auna tazara goma, a kuma ja su iyakar harɗensu a sāke aunawa. Tsakanin awon biyu nan ne iyakar abin da tayil ɗin zai yarda da shi.

A ce an sami 32 zuwa 34. Wutsiyar tayil na farko za ta tsaya a kan igiyar baki, ƙugiyarsa kuwa tana rataye a sandar da ke santimita 39 sama da nan. Sanda ta ƙarshe tana zama 4 ƙasa da tsinin doro. In aka cire 39 da 4 daga 402, saura 359. In aka raba gida 10, kowane ya zama kusan 36, ya wuce iyaka, ruwa zai shiga. In aka raba gida 11, ya zama 32 da ɗigo 6, ya shiga cikin iyaka. Layi 12 ke nan a kowane ɓangare, kowane layi tayil 60. A yanka ɗan itace daidai wannan awo a riƙa gwada kowace sanda da shi, a kuma riƙa duba jimla daga ƙasa bayan kowane layi uku, domin kuskuren rabin santimita in ya maimaitu sau 11 ya isa ya ɓata doro. In lissafi ya ƙi fita, layin ƙarshe na sama ake yankewa, wanda murfin doro zai ɓoye. Ba a ƙara wa baki.

Layin farko yana da nasa hali. Kowane tayil wutsiyarsa tana kan na ƙasa da shi, amma na farko ba shi da kowa a ƙasa, in ba a ɗaga allon baki da kaurin tayil ɗaya ba sai ya sunkuya, bakin rufin ya yi kamar leɓen da ya saki.

Doro kuwa a nan ne kalmar "daidai" ke gamuwa da iyakarta. Murfin doro na kwano siriri ne, a kwance yake. Na yumɓu kifaffe ne mai kauri, ko an zaɓi mai kusurwa maimakon mai kamar rabin tulu zai ɗara na da da wajen santimita 5. Ana iya sauke tsinin rafta da wannan 5 ɗin a bar baki inda yake, sai gangara ta ragu daga digiri 26 da rabi zuwa kusan 26, abin da ido ba zai kama ba. Ana kuma iya barin gangara da baki cif, a yarda murfin ya ɗan ɗara. Ga gidan da ke tsaye shi kaɗai, na biyun ya fi, domin ba a rage wa tayil gangara a banza. Ga kanti a cikin jeri, inda doro zai haɗu da na maƙwabci, na farkon ne dole.

ƘURA, ISKA DA WUTAR GASHI

Tayil ba ya toshe iska, wannan ne alherinsa a bazara, shi ne kuma aibinsa a hunturu. Ƙurar da ke tasowa daga arewa maso gabas tana bin kowace mahaɗa ta taru a kan silin. Shi ya sa shimfiɗar nan ta ƙarƙashi, ko ta takardar kwalta ko mai fuskar azurfa da ke mai da zafi, ba ado ba ce a Nguru da Gashuwa. Siririyar sandar da ke kanta kuma ita ke barin rata, ruwan da ya ɓace ya gangara, iska mai zafi ta hau ta fita ta doro. A toshe bakin ratar da raga saboda jemage da tsuntsaye. Gaskiyar magana, rabin sanyin da ake yaba wa tayil daga wannan rata da silin yake zuwa. Yumɓu yana jinkirin ɗaukar zafi, amma yana jinkirin sakinsa, in ba iska a ƙarƙashinsa sai ya ajiye zafin rana ya biya shi bayan isha'i.

Nauyi ba ya hana iska ɗaukar tayil. Guguwar da ke zuwa daga gabas gaban hadarin farkon damina tana tsotsar rufi ne ta sama, ta fi kuwa ƙarfi a baki da gefuna da doro. Layi biyu na baki, da biyu na kowane gefe, da na ƙarƙashin doro, kowane tayil a ɗaure shi da waya marar tsatsa ko ƙusa ta ramin da aka yi masa. Kwano in ya tashi falle ɗaya ne, tayil kuwa kilo uku-uku yake saukowa a tsakar gida inda yara suke.

Saura ingancin tayil ɗin kansa. Fadamun Haɗeja da Nguru da bakin kogin Yobe ba su rasa yumɓu ba, amma baƙar lakar nan mai dararrashewa da rani tana ƙanƙancewa ƙwarai, sai an cakuɗa ta da yashi ko garin fasasshen tubali. Tayil yana son wuta ta digiri 900 zuwa 1,000 a cikin rufaffen murhu, gashin tukwane a fili ba kasafai yake riƙe wannan zafi ko'ina daidai ba, ga shi itace ya yi tsada a ƙasar da hamada ke matsowa. Ko daga ina aka kawo shi, gwaji uku sun wadatar. A riƙe shi a ƙwanƙwasa da ƙarfe: mai kyau yana ƙara kamar ƙararrawa, ɗanye ko tsagagge yana amsawa a dushe. A auna shi a bushe, a jiƙa shi kwana ɗaya a sāke aunawa: in mai kilo 3 ya sha fiye da giram 600, watau kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, a bar shi, zai yi gumi ta ƙasa kuma ya ƙara wa katako kaya da damina. Bayan ya bushe a duba: farin gari a fuskarsa alamar gishiri ko kanwa ce a cikin yumɓun, ƙananan ramuka da suka faffashe kuwa ƙwayoyin farar ƙasa ne da suka kumbura. A mota a tsaye ake jera shi a kan gefensa da ciyawa a tsakani, a kuma sayi ƙarin kashi goma cikin ɗari, rabi don hanya, rabi a ajiye, domin bayan shekara biyar ba lalle a sami mai irin harɗensa ba.

Lokacin aikin daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke, kafin zafin da ke hana hawa rufi. Ranar ɗora kaya a raba tayil ƙananan tsibi a ɓangarorin biyu lokaci ɗaya, kada a cika gefe guda a bar ɗayan wofi, sai firam ɗin ya karkace. Mai tafiya a kai ya taka wutsiyar tayil inda sanda take ƙarƙashi.

Sandunan nan shida kada a tumɓuke su ranar da aka gama. A bar na doro biyu, ko a mai da alamarsu jikin bango, har damina ɗaya ta wuce, sa'an nan a sāke jan igiya. Sabon katako yakan ɗan zauna, lotsawar da ba ta kai santimita ɗaya ba a tsakiyar doro ba abin damuwa ba ce. In ta kai 2 ko 3, ko aka ga tsaga a kwance a saman dogon bango, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, to mahaɗar gindin rafta tana sakewa, bango ya fara buɗewa. A fitar da mutane daga ɗakin, a tokare katakon ɗaurin gindi daga ƙasa, a sauke layukan tayil na tsakiya daga ɓangarorin biyu tare, kana a buɗe silin a duba notunan ɗaya bayan ɗaya.